Kalma ɗaya, "famfo", da ramin naira 560,000

1/
Jama'a ga zare. Watannin baya na taƙaita hirar guruf ɗin unguwarmu a Paki, na juya ta zuwa Turanci, na kuskure kalma ɗaya tak. Kalmar nan ta buɗe ramin naira 560,000 a lissafinmu, ta kuma jefa dattijon da ya girmi babana cikin kunya a gaban mutum 214. Duk wanda aka taɓa ce wa "kai ɗan jami'a, rubuta mana abin da aka tsayar", wannan naka ne.

2/
Ga wanda bai sani ba, Paki tana ƙaramar hukumar Ikara, arewacin jihar Kaduna. Guruf ɗinmu na WhatsApp ya haɗa kowa: na gida, masu harkar rake a Makarfi da Kudan, 'yan kasuwa a Kano, ma'aikata a Abuja, da mu ɗalibai da ke Samaru. Abin da ya tada hirar shi ne tuƙa-tuƙar unguwa da ta lalace. Aka ce maimakon a yi ta gyara, a mayar da rijiyar ta koma mai sola.

3/
Akwai wata likita 'yar Kudu da ta yi bautar ƙasa a garinmu shekarun baya, yanzu tana Legas. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ta ce duk abin da ya rage bayan an cire gudummawar da mutane suka ɗauki nauyi, ita za ta biya rabi, unguwa ta biya rabi. Sharaɗinta ɗaya: a aiko mata da abin da aka yanke a rubuce, da Turanci, a shafi guda.

4/
Kwana tara ana magana. Saƙonni sun haura 1,300, a ciki 87 na murya ne. Sakatarenmu ya ce shi Turancinsa na kasuwa ne, sai shugaba ya kira ni: "Ƙanena, kai ne ɗan boko, zuwa jibi nake son takardar nan." Na ce "To Yaya." Ga jarabawa a gabana.

5/
Abu na farko da na yi daidai: ban tsaya ina murza allon waya ba. Na shiga ɗigo ukun nan na sama, `More`, sai `Export chat`, na zaɓi `Without media`. Yana ba ka fayil na rubutu zalla, kowane layi da ranarsa da lokacinsa da wanda ya turo. Na buɗe a kwamfutar abokina, inda zan iya neman kalma kamar "dubu" ko "ma'aji" in ga duk wurin da ta fito.

6/
Amma fayil ɗin nan yana da ramuka, ku san da su. Duk saƙon murya da hoto suna komawa `<Media omitted>`. Kuma idan mutum ya danne wani saƙo ya ba shi amsa, fayil ɗin ba ya nuna wane saƙo ya amsa. Sai ka ga "na amince" tsirara a tsakiyar shafi. Da me ya amince? Dole ka koma waya ka duba.

7/
Ga inda matsalar take: a guruf irin namu, matasa ne ke rubutu, manya murya suke turowa. Wato surutun yana cikin rubutu, hukuncin yana cikin murya. Wanda ya karanta fayil kaɗai zai fito da ra'ayin samari ya kira shi matsayar unguwa.

8/
Don haka na zauna da abin sa wa a kunne na bi saƙonnin murya 87 ɗaya bayan ɗaya. Laifina na farko a nan yake: na sa su a `2x`. Sallama, gaisuwa, addu'a, tambayar iyali, sai a daƙiƙa goman ƙarshe dattijo ya faɗi abin da ya kawo shi. Lokacin kuwa hankalina ya riga ya tafi wani wuri.

9/
Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Idan ka fara daga sama, shawarar farko ce ke zauna maka a kai, alhali an rushe ta a rana ta shida. A namu, rana ta biyu kowa yana cewa tanki biyu za a ɗora. Rana ta bakwai ma'aji ya kawo farashin ƙarfen da za a ɗora su a kai, aka koma tanki ɗaya ba tare da wani ya ce "an fasa biyu" ba. Kawai an daina ambatonsa.

10/
Na raba takarda gida huɗu: abin da aka yanke, abin da aka kawo shawara kawai, alkawarin da wani ya ɗauka da bakinsa, da abin da ke buɗe. Kafin magana ta shiga gidan farko sai ta amsa tambaya uku. Wanda ke da hurumin rufe maganar ya rufe ta? Akwai wanda ya dawo da ita daga baya? An san wa zai yi, da nawa, yaushe?

11/
Cikin saƙo 1,300, abin da ya tsallake tambayoyin nan guda biyar ne. Biyar fa.

12/
Akwai ƙuri'ar da aka jefa da `Poll` kan inda za a kafa wurin ɗibar ruwa: gefen masallaci ko kusa da makarantar allo. Mutum 61 suka danna cikin 214, gefen masallaci ya ci. Da na bi ƙuri'a da na rubuta ƙarya. Kwana biyu bayan nan shugaba ya turo layi ɗaya: "Kamar yadda aka tattauna da iyayenmu jiya, wajen makaranta ne." An yi zama bayan Isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, guruf bai ga komai ba sai wannan layin.

13/
Dalilin manya kuwa mai kyau ne. Yara da 'yan mata ne ke ɗibar ruwan, ba za su saki jiki a gefen masallaci lokacin salla ba. Kuma kusan babu ɗayansu a cikin guruf ɗin da ke jefa ƙuri'a a kan ruwan da za su ɗiba. Wannan zancen wata rana ne.

14/
Yanzu mu zo kan juyawa zuwa Turanci, inda na ɗauka nan ne mai sauƙi. Hausa tana ba ka damar yin alkawari ba tare da ka faɗi mai cikawa ba. "Za a sayo bututu." "A tuntuɓi injiniya." "An ce a fara karɓar kuɗi." Mu duk mun gamsu, an yi magana. Amma likita tana son layi mai suna: wane ne zai sayo?

15/
Kana iya ɓoye mai aikin a Turanci ma, ka rubuta `pipes will be bought`. Sai dai duk mai ba da kuɗi da ya ga wannan zai tambaye ka wa. Na ƙirga "za a" goma sha ɗaya a cikin hirar. Da na kira shugaba muka bi su, huɗu kaɗai ke da mai su. Sauran bakwai kowa ya ɗauka wani ne zai yi. Waɗannan na mayar da su gidan "a buɗe".

16/
Sai kalmomin amsawa. "To." "Ba laifi." "Allah ya sa albarka." "Za mu duba." Idan ka juya su duka zuwa `agreed` ka yi ɓarna. "To" na dattijo sau da yawa "na ji" ne kawai, wato `noted`. "Allah ya sa albarka" addu'a ce, mai faɗinta bai ce zai ba da ko sisi ba. "Za mu duba" kuwa, kun san dai, wani lokacin "a'a" ce da ta sa babbar riga.

17/
"In sha Allahu" ita ce ta fi ba ni wahala, don kowa na faɗinta, mai niyya da mara niyya. Abin da na lura: duba abin da ke gefenta. "In sha Allahu dubu ashirin ranar Juma'a ta hannun ma'aji" alkawari ne cikakke. "In sha Allahu za mu yi iya ƙoƙarinmu" ba ya shiga lissafi. Na farko na rubuta `pledged` da adadinsa, na biyu ban sa shi ba sam.

18/
Lokaci ma haka. Wani ya rubuta "jibi za a fara karɓa" da ƙarfe sha biyu saura na daren Talata. Jibinsa Alhamis ce. Waɗanda suka buɗe waya da safiyar Laraba suka ɗauka Juma'a. "Rana ita yau", "bayan Salla", "idan an yi kaka", babu wanda zai shiga takardar da za a karanta a Legas bayan sati biyu. Kowanne sai ka koma ranar da aka turo shi ka fitar da kwanan wata.

19/
Kuɗi kuma ka rubuta da lamba, ka kuma tabbatar. "Dubu ɗari biyu da hamsin" a bakin kowa 250,000 ne, amma in ka bi kalmomin tsaf za su iya zama 200,050. Wani manomi ya ce buhu biyu na masara zai bayar. Ban mayar da su naira ba, don farashin ranar da ya faɗa ba shi ne na ranar da za a sayar ba. Na rubuta buhu biyu.

20/
Kun ga duk wannan taka-tsantsan? To ga inda na faɗi.

21/
Kiyasin injiniya gaba ɗaya naira 2,400,000 ne. A ciki akwai injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, wanda masu aikin ke kira sumo, 650,000. Akwai kuma kawunan famfo shida da bututunsu na wurin ɗiba, 90,000. Sauran kuɗin na farantan sola ne da tanki da ƙarfensa da ladan aiki.

22/
A rana ta takwas wani dattijo, abokin marigayi kakana, ya turo murya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce: "Maganar famfo kuma ku bar mini, ni zan yi." Guruf ya cika da "Allah ya saka da alheri Baba". Ni kuma na rubuta a takardata:

```
Pump: to be provided by an elder of the ward (N650,000).
```

23/
Kun gano? A Hausa "famfo" ɗaya ne. Wanda kake murɗawa ruwa ya zubo famfo ne, wanda ke tura ruwan ma famfo ne. Turanci ya raba su: `tap` daban, `pump` daban. Muddin muna Hausa, kalmar tana ɗauke da ma'ana biyun babu wanda ya damu. Ni da na zo juyawa dole in zaɓi ɗaya, kuma na zaɓa ba tare da na san cewa zaɓi nake yi ba. Sautin kalmar ne ya ja ni, famfo ya yi kama da `pump`, shi ke nan.

24/
Abin haushin, Baba ya ba ni alama. A wata muryar daga baya ya ce "ai ba zai wuce jaka ɗari biyar ba". Ni na ɗauka jaka dubu ce, na ce 500,000, ya yi kusa da kuɗin inji, wataƙila bai ga sabon farashi ba ne. Na wuce.

25/
Ashe a lissafin manyanmu jaka ɗaya naira 200 ce. Asalinta fam ɗari ne na kuɗin da. Da Najeriya ta koma naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka ta zama 200. A Nijar ne jaka ke nufin sefa dubu. Jaka ɗari biyar ɗin Baba naira 100,000 ce, daidai kuɗin kawunan famfo da ɗan abin da zai ragu. Mutumin ya san abin da yake faɗa sarai. Ni ne ban san lissafin garinmu ba.

26/
Ga yadda kuskuren ya shiga kuɗi. A takardata: 2,400,000 a cire 650,000, saura 1,750,000, likita 875,000, unguwa 875,000. A gaskiya: 2,400,000 a cire 90,000, saura 2,310,000, kowane ɓangare 1,155,000. Bambancin 280,000 a kanta, 280,000 a kanmu.

27/
Na tura wa shugaba Turancin kai tsaye. Ya duba ya ga lambobi sun jeru, ya ce "ya yi kyau", ya tura Legas. Babu wanda ya karanta wa guruf da Hausa. Wannan shi ne babban laifin, ya fi na kalmar.

28/
Likita ta turo 875,000 a cikin satin, ta haɗo da saƙon godiya na musamman ga dattijon da ya ɗauki nauyin inji na dubu ɗari shida da hamsin. Wani cikin zumuɗi ya fassara godiyar ya saka a guruf. Aka shiga yi wa Baba addu'a, ana kabbara, har da masu cewa a sa wa rijiyar sunansa.

29/
Baba bai ce komai a guruf ba. Babana ya kira. Babana ya kira ni: "Ka zo gida gobe." Bai ƙara ko kalma ba. Daga Samaru na shiga cikin Zariya na hau motar Kano, har muka wuce Tashar Yari ina ta bin takardar a kaina ban gano laifin ba.

30/
Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Jikana, ni na ce maka zan sayi inji?" Na ce, "Baba, famfo ka ce." Ya ce, "Famfo na ce. Na murɗawa, guda shida. Yanzu in na yi shiru an ɗora mini bashin da ba ni da halinsa. In na yi magana a ce Alhaji ya janye alkawari. Wanne ka zaɓar mini?" Wallahi har yau ina jin nauyin tambayar nan.

31/
Gyaran bai kamata ya fito daga bakinsa ba, daga nawa ne. A daren na turo murya da rubutu a guruf: Baba bai taɓa cewa inji ba, ga muryarsa ta rana ta takwas, ga ta jaka ɗari biyar, ni na juya kalmar ba daidai ba. Na sa adimin ya maƙale saƙon a sama da `Pin` na kwana bakwai. An yi mini dariya, wani ya sa mini suna Malam Famfo, sunan ya bi ni har Samaru.

32/
Likita kuma na rubuta mata gajere: ga layin da ke kuskure, ga dalili, ga sabon lissafi. Ban roƙe ta ƙari ba, shugaba ne ke da wannan hurumin. Ta ce ta riga ta tsara kuɗinta bisa takardar farko, za ta iya cikawa zuwa miliyan ɗaya, ba za ta kai 1,155,000 ba. Ba ta yi laifi ba. Wato unguwa da ta shirya tara 875,000 ta wayi gari da 1,310,000 a kanta.

33/
Da muka zo takarda ta biyu, ga yadda muka bi. Na fara rubuta taƙaitawar da Hausa, ba da Turanci ba. Na saka a guruf, na kuma karanta ta da murya saboda manya. Aka ba da kwana ɗaya cur ga mai gyara. Duk wanda alkawarinsa ke ciki na kira shi, na faɗa masa abin da adadin a naira, ya ce e da bakinsa.

34/
A wannan kiran kaɗai na kama wani ramin. Wani ɗan kasuwa a Kano da ya ce "zan ba ku dubu ɗari ku fara da ita", rance yake nufi, za a mayar masa bayan an tara. Ni gudummawa na sa. `Loan` da `donation` ba su haɗa hanya ba, amma "zan ba ku" ta ɗauke su duka.

35/
Bayan nan ne na juya zuwa Turanci. Sai na ba wata 'yar ajinmu Turancin kaɗai, ba ta ga Hausar ba, ba ta san labarin ba, na ce ta mayar mini da shi Hausa da baki. Duk inda maganarta ta bambanta da takardar Hausa, nan ne zan duba. Da na yi haka tun farko, da ta kai layin nan za ta ce "injin tura ruwa", kuma da na ji kalmar "inji" da na tsaya, don Baba bai taɓa furta ta ba.

36/
Layin da ya jawo duk wannan yanzu haka yake:

```
Six taps with pipes (N90,000): pledged by an elder, confirmed by phone.
Submersible pump (N650,000): not yet covered.
```

Kowane layi da abin, da kuɗinsa, da matsayinsa. Inda babu mai ɗauka na rubuta babu.

37/
Halin da ake ciki: an ɗora tanki, an kafa farantan sola, kawunan famfon Baba guda shida tuni suna jere kusa da makarantar allo, shi ya fara cika alkawari ma. Injin an karɓo shi da rabin kuɗi, ana bin unguwa sauran. Ma'aji ya ce in an sayar da buhunan masarar nan kuma 'yan Abuja suka turo nasu za a rufe. Na tambaye shi yaushe, ya ce "bayan kaka in sha Allahu". Na ce Yaya, wace rana zan rubuta?